Goron Sunan Malam Cindo

Duk wanda ya yi aiki da Malam Cindo a gidan rediyo ya ci goronsa, kuma ba wanda ya taɓa ƙoshi. Goro ɗaya tak yake sayowa, fari, ya naɗe a ganye ya soka a aljihun gaba. Ranar da ya samo sunan da zai sa wa wani a wasan kwaikwayon da yake rubuta mana, sai ya shigo ɗakin gwaji yana gyaran murya, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya yanka goron nan siri-siri kamar mai yanka kuɓewa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa.

"An samu ƙaruwa," in ji shi. "Namiji ne. Shekarunsa hamsin da 'yan kai, yana da tumbi, yana sayar da taya a Kawo."

Mu ce, "Allah ya raya." Sannan ya faɗi sunan. Wanda ya kuskura ya yi dariya, to ba shi ba goron gaba.

Ni ce Azumi, wadda ta fito a Kande mai tuwo. Tsofaffin cikinku sun san muryar ko da sun manta fuskar. An ce kowa ya kawo abin da yake tunawa game da marigayin, ni kuwa na ce rubutawa zan yi, wani ya karanta muku, don akwai kalma ɗaya a cikin labarin da ba ta fita daga bakina. A kan kalmar nan saura ƙiris mutumin nan ya raba ni da aikina, aikin da na sha faɗa da dangi kafin a bar ni in yi. Zan zo kanta. Ku bari in fara gaya muku irin mutumin da na kara da shi.

Ranar da na fara zuwa gwajin murya, farkon shekarun saba'in ɗin nan da Kaduna ta cika da sababbin motoci da 'yan kwangila, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Sunanki?"

Na ce, "Azumi."

"An haife ki ana azumi, shi ya sa kike ramuwa da baki. Tun daga ƙofa nake jin ki. Na yanka fa?"

"Hadiza."

"A ajiye wannan a gida. Azumi ta fi ki kama da ke."

Haka yake yi wa kowa. In ka ce Tanko, ya tambaye ka mata nawa ne a gabanka. In ka ce Gambo, ya ce ina 'yan biyun, suna raye? Wani bawan Allah ya ce sunansa Audi, Malam Cindo ya miƙe ya yi masa ta'aziyyar uban da ya rasu tun yana ciki, mutumin kuwa har furfura ya fara. Shi kansa in an tsokane shi a kan nasa sunan, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna ɗan tabon da ke gefen ƙaramin yatsa. "Da shida na zo," yake cewa. "Wanzami ya yanke ɗaya, ƙarfinsa ya koma kai." Wannan kam ba mu taɓa musa masa ba.

Abin da ya yi imani da shi ke nan: a rediyo ba a ganin fuska, ba a ganin riga, ba a ganin tsage. Suna shi ne rigar. Kafin mutum ya buɗe baki, sunansa ya riga ya gaya wa mai saurare garinsu, da zamanin da aka haife shi, da abin da za a iya tsammani daga gare shi. Yakan ce mu ɗauki Abubakar kawai. In ka ce Garba, ga Bahaushe nan da babbar riga. Ka ce Habu, ya zama na gida, ana iya aikensa. Ka ce Buba, sai ka ji ƙaurin nono da sanda a kafaɗa. Ka ce Bukar, to ka isa Barno ba ka biya kuɗin mota ba. "Mutum huɗu ke nan," in ji shi, "kuma liman suna ɗaya ya raɗa."

Shugaban sashenmu a lokacin Malam Hamisu ne, saurayi mai kirki, ya dawo daga kwas da ƙaton gashi da wando mai faɗin ƙafa. Allah ya haɗa shi da jarrabawa. Akwai wata tsohuwa a wani wasa, unguwarzoma ce ta ƙauye, Malam Cindo ya sa mata Tabawa. Malam Hamisu yana neman wata yarinya a Unguwar Rimi, yana so ta ji sunanta a rediyo, sai ya ɗauki biro ya soke Tabawa ya rubuta Jamila. Wayyo! Da bai yi ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Cindo, kuma duk ranar da ya ce wa yaron nan ranka ya daɗe mun san akwai magana, "Jamilar nan shekarunta nawa?"

"Ai kai ka rubuta, Malam. Saba'in."

"Saba'in. Wato tun kafin jirgin ƙasa ya iso, a ƙauyen da ko allo sai an yi tafiya kafin a gani, wani manomi ya dubi 'yarsa ya ce Jamila. To je ka Tudun Wada gida-gida, ka samo mini Jamila ɗaya mai sanda, in ba ka wasan kyauta. Kakar ita ce Tabawa, uwar ita ce Dije, jikar ce Jamila, ita ce ke zuwa makarantar boko da farin takalmi. In ka juya su ka juya shekara hamsin."

"Malam, suna ne kawai fa."

"To shi ke nan. A bar ta Jamila. Amma ka sani a fitowa ta biyu haƙorinta na ƙarshe zai faɗa cikin koko, kuma sai an faɗi sunanta sau uku ana nemansa. Ka gaya wa yarinyar ta kunna rediyo."

Da hannunsa Malam Hamisu ya mayar da Tabawa.

Bitrus mai ɗaukar murya, mutumin Kafancan, shi kaɗai ne Malam ke neman shawararsa, shi ma da faɗa. Za a sa ma'aikaciyar asibiti 'yar kudancin Kaduna, wani ya kawo sunan Turawa. Malam ya juya ya ce, "Bitrus, yayarka yaya sunanta?" Ya ce Rifkatu. "Gwaggonka fa?" Ya ce Ladi. Malam ya ce to ga shi nan: wadda aka haifa kafin mishan su kafu sosai tana da sunan rana ko na gida, wadda aka haifa a hannunsu tana da na Littafi da bakin Hausa, Rifkatu, Saratu, Rahila. Sunan Turawa na 'ya'yan da ake haifa yanzu ne, su kuwa ba su isa riƙe allura ba tukuna. Bitrus ya ce to a sa Rifkatu, yayarsa za ta ji daɗi. Malam ya ce, "A'a, Saratu. Rifkatu ta yi tsauri a baki, ita kuwa wannan lallashi take yi kafin ta soka." Bitrus ya yi fushi ya ƙi karɓar goro. Malam ya ce madalla, ya cinye rabonsa.

Sai kuma wani ɗan kwangila da ya gina makaranta da yashi zalla a wasan da muka yi da damina. Malam Hamisu ya ce a sa masa Alhaji Mugu, kowa ya gane. Malam Cindo ya kama haɓa.

"Wace uwa ce ta yi naƙuda ta ce a sa wa ɗanta Mugu? Suna nuni yake yi, ba ya ihu. Kuma ba na ɗora wa ɓarawo sunan Annabi ko Sahabi, sai laƙabi, irin wanda mutum ke saya wa kansa da baki."

Mako guda yana yawo a kan kekensa, daga Kawo zuwa Mando, daga Mando zuwa babbar kasuwa, yana karanta abin da aka rubuta a jikin manyan motoci da saman shaguna. Ya dawo da goro: Alhaji Maigaskiya. Ya ce duk wanda ya ga dole sai ya manna gaskiya a sunansa, to a duba ma'auninsa.

Wasan bai yi nisa ba sai ga alhazai uku, kowa da ranarsa, kowa da motarsa, sun zo ƙara wai da su ake. Ina nan na ƙarshen ya shigo yana huci.

Malam ya ce, "Alhaji, sunanka Maigaskiya?"

"A'a!"

"To me ya kawo ka?"

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe, ya gyara hula, ya ce dama wucewa yake yi ya ce bari ya gaishe mu.

To wannan shi ne mutumin. Yanzu ga tawa.

Ya rubuta sabon wasa mai tsawo a kan tashar mota, wanda za a riƙa sawa duk mako. Ni ya ba babbar fitowa, karo na farko a rayuwata: Kande mai tuwo. Ya ce Kande ce don mace ce da ta biyo bayan maza, ta tashi cikin dambe da kokawa, ba ta san a yi mata tsawa ta yi shiru ba. Na ce Malam ai ni ka zana. Ya ce ya sani, ba sai na yi wahalar kwaikwayo ba. Abokin faɗan Kande kuwa wani matashin direba ne da ya zo daga wajen Funtuwa, mai girman kai, mai ɗaukar nauyin da ba a ɗora masa ba, kullum yana cin tuwonta yana kushe miyar. Kande kuma ta bi shi da suna tana zazzaga masa. Faɗansu shi ne gishirin wasan.

Ranar goro ta zo. Malam ya yanka, ya raba, ya gyara murya.

"Sunan direba Lawal."

Kun ji, mai karatu ya faɗa muku. Ni ban faɗa ba, biro ne ya rubuta, shi kuwa ba shi da ɗan fari. Ni ina da shi. Sunan ɗana na fari ke nan, wanda yake Zariya a hannun kakarsa tun da aka yaye shi. Tun ranar sunansa ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. In ta kama dole sai in ce "yaron nan" ko "na wajen Hajiya". Ko wani mai irin sunan na haɗu da shi, mai sunan yaro nake ce masa. Yaran yanzu da ke kwala wa ɗan fari kira daga bakin titi za su ce wauta ce. Su ce. Mu a wurinmu kunya ce, kuma ba kunyar tsoro ba, ta girmamawa.

Na ce a raina zan san dabara. Aka fara gwaji. Inda takarda ta ce in kwala masa kira, sai na ce, "Kai, direba!"

Malam ya ɗaga hannu. "Ba haka na rubuta ba."

Na sake: "Kai, mai mota!"

"Azumi, idonki ne ko takardar?"

Na ajiye takardar na ce, "Malam, sunan yaron nan ne. Ba zan iya ba."

Kowa a ɗakin ya gane. Na ɗauka zai ce Allah Sarki, a sauya. Ina! Cewa ya yi, "Ai ba ke ke faɗa ba, Kande ce."

Na ce, "Kanden da bakin wa take cin tuwo?"

Malam Hamisu ya shigo tsakani da saurinsa, wai abu mai sauƙi. "A mai da shi Auwalu mana, Malam. Ai duk ɗaya ne."

Mu biyu muka taso masa a tare. Na ce in duk ɗaya ne to shi ma ba na faɗa, don sauya wa mutum hula ba ya mai da shi wani. Malam kuma ya ce ba ɗaya ba ne ko kusa. "Auwalu Bakano ne, yana da rumfa a Kantin Kwari, ba zai kushe miya ba sai ya taya ta tukuna. Lawali Basakkwace ne, sai mun sake wa yaron harshe gaba ɗaya. Lawan ya tafi gabas. Nawa na ƙasar Katsina ne, can inda take haɗuwa da Zazzau, kuma harafin ƙarshen nan shi ne tikitin motarsa."

"To a ce Sani."

"Sani! Sani Muhammadu na biyu ne, ranka ya daɗe, yana da wa. Ina wan? Ka kawo shi mu ba shi fitowa. Yaron nan na fari ne, shi ya sa yake jin duniya a kansa take, shi ya sa ba ya karɓar gyara. Ka mai da shi Sani, ka ba shi wanda zai ɓuya a bayansa, wasan ya mutu. Kai Hamisu ne, na biyar, ba za ka gane ba. Ko da ka zo an riga an gama faɗan."

Ran Malam Hamisu ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Ya ce an riga an sanar da wasan, ranar ɗauka ta matso, shi ba zai tsaya jayayya a kan harafi ba. Ko dai a sauya sunan, ko a sauya mai fitowa a Kande, akwai 'yan mata a layi da za su faɗi kowane suna har da waƙa. In kuwa an ƙi duka biyun, zai ba shirin gaishe-gaishe lokacin.

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na san in aka cire ni daga wannan, ƙananan fitowa zan koma, mai kawo ruwa, mai sallama a ƙofa, daga nan sai gida, inda kawunnaina ke jira su ce dama sun faɗa. Amma na miƙe na ɗaura gyale a ƙugu na ce, "Sunan nan ba zan faɗa ba, kuma ƙofar nan ba zan fita ba. Sai dai a ɗauke ni da kujerar."

Malam Cindo ya miƙe shi ma. "Sunan nan ba zan sauya ba, an ci goronsa. Kande kuma ba ta da wata murya sai wannan mai kama da garwa."

Malam Hamisu ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "To ku biyun wa zai sauka?"

Muka ce, "Shi." "Ita."

Na bi Malam har inda ya jingine kekensa ina zazzaga masa. Na ce mutum ya san asalin sunan kowa a duniya amma bai san kunyar uwa ba? Na ce wanda aka ƙaga da biro ya fi mai rai daraja ke nan? Ya tsaya yana ɗaure ƙafar wandonsa da roba, sai ya ɗago ya ce, "Sake faɗin abin da kika ce ɗazu."

"Wanne? Suna da yawa."

"A gwaji. Da kika kauce."

Na ce, "Kai, direba."

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Ya hau kekensa ya tafi ko sallama babu. Kwana biyu ba a gan shi ba. Ni kuwa ko abinci ba ya mini daɗi, na riga na fara shirya abin da zan gaya wa mutanen gida.

Ranar ɗauka sai ga shi da sababbin takardu, ba goro. Na karɓi tawa, na bi ta layi-layi. Sunan yana nan daram a bakin kowa: 'yan kamasho suna kiransa, karen motarsa yana kiransa, ɗan sanda yana kiransa. A bakin Kande kaɗai babu. "Kai, direba." "Wannan na Funtuwan." "Mai kushe miyar mutane." Malam Hamisu ya yi murmushi ya ce ashe dai Malam yana saukowa.

"Ban sauka ba," in ji shi. "Sunana yana nan. Kunna na'urarka, Bitrus."

Ni ma na ɗauka na ci nasara, har ina yi masa gwalo a bayan takarda. Sai da aka yi makonni na fara lura da wasu abubuwa. Kande tana zagin direban nan, amma ƙashi mai ɓargo a kwanonsa yake faɗawa. In motarsa ta yi dare a hanya ba ta kwashe tukunya. A wata fitowa wani fasinja ya tambaye ta ko ta san Funtuwa, ta ce ba ta taɓa zuwa ba, sannan ta gaya masa inda rijiyar bakin kasuwa take. Ina tsaye gaban makirfo, jar fitila a kunne, na karanta wannan layin. Na ɗago na dubi Malam ta gilashi. Ya ɗora yatsa a leɓe.

Mata ne suka fara ganewa. Na je sayen kayan miya, wata mai daddawa ta ji muryata ta cafke mini hannu. "Ke ce Kande ko? Tsakaninki da Allah, yaron nan ɗanta ne ko ba ɗanta ba?"

Na ce, "Iya, wa ya ce?"

"Wa zai ce? Tun da aka fara ba ta kama sunansa ba ko sau ɗaya! Mu yara ne?"

Daga nan magana ta bazu. A gidan suna, a gidan biki, a layin famfo, musu ake yi. Maza kuwa ko a jikinsu, su dai faɗan suke jin daɗi. Malam Hamisu da kansa, mai sa hannu a kowace takarda, sai da mahaifiyarsa ta aiko daga gida a tambaye shi yaushe Kande za ta faɗa wa ɗanta gaskiya. Ya shigo da gudu yana cewa, "Malam, wai ɗanta ne?" Malam ya ce, "Ka gaishe da Hajiya. Ita ta dace da kujerarka."

Ashe abin da ya je ya yi ke nan a kwana biyun. Bai taɓa sunan ba, bai taɓa ni ba, labarin ya juya gaba ɗaya ya zaunar da shi a kan abin da na ƙi faɗa. Kande ta yi auren fari a can, auren ya mutu, dangin uba suka riƙe yaron, ita ta shigo Kaduna da tukunya. Ranar da ya fara zama a bencinta ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, ta gane shi. Shi bai sani ba.

Fitowar ƙarshe kuwa mutane suka yi ta caca a kai, wai dole a nan Kande za ta kira shi ta rungume shi. Ni ma tsoron da nake ji ke nan, na ce wa Malam in ya rubuta haka za a ji abin da ba a taɓa ji ba a rediyo. Ya ce in karanta dai. Direba ya dawo daga garinsu, wata gwaggonsa ta gaya masa komai. Ya zauna a benci, bai kushe miya ba. Can ya ce, "Kowa a tashar nan yana kiran sunana. Ke me ya sa ba ki taɓa kira ba?"

A takardar Malam ya rubuta: Kande ta yi shiru, a bar shirun ya yi tsawo. Sannan layi ɗaya.

"Ci tuwonka, kada ya huce."

Da ƙyar na fitar da shi. Bitrus ya manta bai tsai da tef ba, yana can yana share ido da hular Malam da ya ɗauka a kan tebur bisa kuskure. Malam ya fizge abarsa ya ce a nemi tsumma.

Bayan wannan ba wanda ya sake maganar cire ni, na yi shekaru ina manyan fitowa. Amma ban bar shi ya huta ba. Wata rana muna jiran a buɗe ɗakin ɗauka na ce, "Malam, ka dai ji tsorona ne."

Ya ce, "Tsoronki? Kaucewar da kika yi ce ta fi abin da na rubuta kyau, na sace. Ban da haka da kin tafi gida."

"Ƙarya kake, Malam."

Ya yi dariya. Sai kuma ya daina. Ya ce, "Kin yi wasannina da yawa. Ki lissafa matan ciki, ki ga wace ce babu."

Na ɗauka wani sabon iyayin ne, amma abin ya tsaya mini. Na yi ta lissafi a hanya: Dije, Kulu, Indo, Mairo, Abu, Rabi, Saratu, Tabawa, har Jamila ya sa daga baya da ya sami 'yar makaranta. Babu Binta. Babu Fati, babu Fatsuma, babu Fatima, sunan da ba gidan da za ka shiga a rasa. Mutumin da ke zagaye gari a keke don neman suna, ya tsallake wanda ke bakin ƙofar kowa.

Matarsa, Inna Kulu, na tambaya, da na je gaishe ta a Tudun Wada. Ita ma ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Mai sunan 'yar Manzo. Ita ce ta farinmu. Ƙyanda ta ɗauke ta tana fara tafiya, ba mu kuma samu wani ba."

Ashe duk masifar da nake zazzaga masa a gindin keke, cewa bai san kunyar ɗan fari ba, ya fi ni sani. Nawa yana Zariya yana cin tuwon kakarsa, yau ma ga shi nan cikinku da furfura, ya san kansa, ba sai na nuna ba. Tasa kuwa sunan kawai ya rage masa, shi ne ya ɓoye bai ba kowa aro ba, ko na cikin takarda. Ban taɓa gaya masa na gano ba, shi ma bai sake tambaya ba. Muka ci gaba da faɗanmu har ya yi ritaya, kuma har ya koma ga Allah bai yarda cewa ni na ci wancan karon ba. Ni ma ban yarda shi ya ci ba.

Allah ya jiƙan Malam Cindo, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka gaya masa da zafin baki. Allah ya sa 'yar tasa ta tarye shi a ƙofar Aljanna, ta kama hannun nan mai tabo ta shiga da shi. Amin.